Yayata ta samu ƙarin girma a Ingila: me zan rubuta da Hausa, me zan rubuta da Turanci?

"Anti, ni da yayata muna aikin jinya a asibiti ɗaya a Ingila. An ɗaga ta daga matakin albashi na Band 6 zuwa Band 7, yanzu ita ce shugabar ɗakin marasa lafiya. Ina so in taya ta murna a zauren WhatsApp na danginmu, sannan akwai katin da abokan aiki ke sa wa hannu. In rubuta na Hausa in fassara shi ne?"

Ƙanwata, barkanku da arziki, Allah ya sanya alheri. Kada ki fassara. Saƙo biyu za ki rubuta, domin masu karanta su daban ne, kuma abin da zai faranta ran Hajiya a gida yana iya jawo wa yayarki kallo a wurin aiki.

Kafin komai ki tabbata an sanar da muƙamin a hukumance. Sau da yawa akan fara yi wa mutum albishir ta waya bayan intabiyu, takarda ta biyo baya, kuma wataƙila ba a riga an sanar da sauran waɗanda suka nemi kujerar ba. Ki tambaye ta ko ta yarda a faɗa.

Na dangi ki sake jiki, ki yi addu'a, ki ambaci iyaye. Mutanen gida ba su san Band 7 ba, saboda haka ki faɗa musu abin da take yi yanzu. Ga misali:

"Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Yaya ta samu ƙarin girma, an ba ta shugabancin ɗakin marasa lafiya da ma'aikatan jinyar da ke cikinsa. Yaya, barka da arziki. Ni shaida ce a kan aikin dare da karatun da kika haɗa, ga yara, ba ki taɓa gajiyawa ba. Allah ya taya ki riƙo, ya ba ki ikon yin adalci, ya sa a gama lafiya. Allah ya saka wa su Hajiya da Baba da alheri, tarbiyyarsu ce muke cin amfaninta."

Abin da nake roƙon ki ki bari shi ne zancen kuɗi, ko da wasa. "Kakarmu ta yanke saƙa" ko "sai a tuna da mu" a zauren da ke da mutum arba'in, kafin dare ya yi kin ga saƙonnin kuɗin makaranta da na biki sun cika mata waya. Alhali ƙarin bai kai yadda ake zato ba: haraji da fansho za su ci rabonsu, kuma wadda ta koma aikin rana na shugabanci takan rasa kuɗin da ake ƙarawa na aikin dare da na ƙarshen mako. Wata ma sai ta ga abin da ke shigowa bai wani motsa ba a farkon lamari. Ki bar ta ta faɗi abin da take so da bakinta.

Na katin kuwa layi biyu ko uku ya isa, don wuri kaɗan ne kuma kowa zai karanta. Ki fara da sunanta kai tsaye yadda ake kiran ta a wurin, ko da bakinki zai yi nauyi. A can ba raini ba ne. Sai ki rubuta:

"Congratulations on your new role. You have worked so hard for this, and the calm way you support new staff on difficult shifts has meant a lot to us. The ward is lucky to have you."

Kin ga an ambaci abu guda da aka san ta da shi, wato yadda take riƙe sababbin ma'aikata idan aiki ya rincaɓe. Wannan ne ke sa saƙon ya yi ɗumi a kunnensu, kamar yadda addu'a ke yi a namu. Idan kin san wani abin da ya fi wannan dacewa da ita, ki sa shi a madadinsa.

Addu'ar nan tamu ta neman tsari daga mahassada da maƙiya kada ta shiga katin nan ko kusa. A gida kowa ya san fatan alheri ne, amma a can wadda suka zauna intabiyu tare ba ta samu ba tana iya zama cikin masu sa hannu, kuma za ta ɗauka da ita kike. Haka nan kada ki rubuta wani abu da ke nuna kina jiran alfarma wajen rabon ranakun aiki ko hutu. Idan ma a ƙarƙashinta za ki kasance, ku sanar da na sama da ita cewa ku 'yan'uwa ne tun yanzu, domin asibitoci suna da ƙa'ida a kan hakan, a san yadda za a tsara wanda zai riƙa duba aikinki.

In bizar aiki take kai, ki tuna mata a keɓe ta tambayi sashen kula da ma'aikata ko lambar rukunin aikin da aka ba ta bizar a kansa ta canza. Idan ta canza, sai an ba ta sabuwar takardar ɗaukar nauyi ta sabunta bizar kafin ta kama sabon aikin.