Minti 33 ba ɗigo 33 ba ne

Tambaya: "Jama'a, an turo min wuri a rubuce haka: 23°33'27"S, 46°37'48"W. Manhajata lamba mai ɗigo kawai take karɓa. Na sa 23.3327 da 46.3748, sai ta nuna min wani wuri can daban. Ina na kuskure?"

Ɗan'uwa, ka faɗa ramin da na taɓa faɗawa farkon fara aikin taswira. Digiri kamar awa yake: minti 60 ne a cikinsa, kowane minti kuma sakan 60. Ai ba ka cewa awa ɗaya da minti 30 awa 1.30 ce, 1.5 ce. To haka nan ma. Minti ka raba shi da 60, sakan ka raba shi da 3600, sai ka tara su a kan digirin.

Ɗauki ta farko. 33 raba 60 ya ba da 0.55, 27 raba 3600 kuma 0.0075. Ka haɗa da 23, ka samu 23.5575. Ta biyu in ka bi wannan hanya za ta ba ka 46.63 cif. Tsakanin 23.3327 ɗinka da 23.5575 akwai kusan 0.22 na digiri, kuma kowane digiri daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne a ƙasa. Ka ga wajen kilomita 25 ke nan ka kauce.

Sai dai abin da ya fi jefa ka nesa shi ne harafin da ka yar. S kudu ke nan, W yamma, kuma dukansu alamar ragi suke ɗauka. Amsarka ita ce -23.5575, -46.63. In babu alamar, manhaja arewa da gabas za ta ɗauka, ta kai ka wata nahiya.

Ga inda ni na sha wuya. Na taɓa juya jerin wurare masu yawa a Excel, na sa wa digiri kaɗai alamar ragi, sannan na tara minti da sakan a kai. Irin wannan lissafin, a lambarka, -22.4425 zai bayar, sama da kilomita 120 daga gurbi. Ban farga ba sai da na ga ɗigogina sun hau kan ruwa. Ka gama tarawa tukuna, sannan alamar ta hau jimillar duka. In digiri yana A2 ba tare da alama ba, minti yana B2, sakan kuma yana C2, sai ka rubuta:

```
=-(A2+B2/60+C2/3600)
```

Yanzu kafin in yarda da kowace amsa nakan yi mata awon ido. Minti 33 ya ɗan haura rabin digiri, don haka abin da ke bayan ɗigo dole ya ɗan haura 0.5. In na ga 0.33 ko 0.44, na san an samu matsala.

Kar kuma ka datse lambobin bayan ɗigo da wuri. Sakan ɗaya kusan mita 31 ne, lamba ta biyar bayan ɗigo kuma kusan mita ɗaya, don haka biyar sun ishe ka. Kuma ka duba ko manhajar taka lambar kudu da arewa take so a gaba, don wasu ta gabas da yamma suke fara karɓa.