Kurkum da masoro ga mai tsakuwa a maɗaciya

Tambaya: Salamu alaikum likita. Innata ce ke fama da ciwon gwiwa, sai wata maƙwabciyarmu ta ce ta riƙa shan ƙaramin cokali na garin kurkum da ɗan masoro a madara, safe da dare, wai masoron na ƙara mishi ƙarfi sau ashirin. To amma bara an yi ma Inna eko an ga ƙananan tsakuwa a maɗaciyarta. Ta ci gaba da sha, ko a cire masoron kawai? Daga ɗiyarta, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ta dakata da shan shi tukuna, kuma cire masoro kaɗai ba zai raba ta da matsalar ba, bari ki ji dalili.

Maganar sau ashirin ɗin nan ba maƙwabciyarku ta ƙago ta ba, tana da asali. A cikin kurkum akwai wani sinadari da ake ce ma kurkumin, shi ne mai rawayar nan da ke kama hannu da tsumma, kuma bai da yawa, wajen kashi 3 cikin 100 na garin ne. Jikin mutum ba ya riƙe shi. Ba ya narkewa a ruwa sosai, ɗan abin da ya samu ya ratsa hanji kuma, hanjin da hanta sai su yi maza su liƙa mishi wani abu dangin sukari, kamar dai an buga mishi tambarin "a fitar", sai ya bi bayan gida da fitsari ya tafi. Shi kuma masoro yana da nashi sinadarin, fiferin, mai yajin nan, aikinshi shi ne ya rage ma hanji da hanta saurin buga tambarin. A 1998 a garin Bangalor na Indiya aka ba mutane masu lafiya giram 2 na kurkumin zalla, shi kaɗai da ƙyar aka iya ganin alamarshi a jini, da aka haɗa da miligiram 20 na fiferin sai abin da ya shiga jini ya ninka wajen sau ashirin.

Amma fa ki lura, sau ashirin na mi? Na abin da kusan babu ne. Mai dala guda in ta ninka sau ashirin dala ashirin gare shi, bai zama Alhaji ba. Kuma hawan na ɗan lokaci ne, cikin awa guda ya kai ƙololuwa ya fara sauka. Sannan abin da suka auna yawanshi ne a jini, ba su auna ko gwiwar wani ta daina ciwo ba. Giram 2 ɗin ma, in da garin da kike saye a kasuwa za a tara shi, sai an sha fiye da ƙaramin cokali ashirin.

Wani abin da masu tallan ba su faɗa, fiferin bai san kurkumin kaɗai ba. Hanyar da ya tare, da makamantanta, nan ne jiki ke bi ya fitar da wasu magungunan likita, shi ya sa aka ga yana ɗaga yawan fenitoyin da karbamazefin na farfaɗiya, da furofaranolol na zuciya, a cikin jini. Masoron miya ba shi nake nufi ba, wanda ake sha kullum da sunan magani nake nufi.

Yanzu mu zo kan maɗaciya, don nan ne zancen Inna yake. Maɗaciya ƴar jaka ce a ƙarƙashin hanta, tana tara ruwan ɗaci, in mutum ya ci abu mai maiƙo sai ta matse ta turo ruwan ta wata siririyar hanya zuwa hanji. Mutane da yawa suna yawo da tsakuwa a ciki shekara da shekaru ba su sani ba, saboda tana kwance abinta. Rikici na tashi ne ranar da jakar ta matse da ƙarfi ta tura tsakuwa bakin hanyar ta toshe. To kurkumin yana sa jakar nan ta matse. A Indonesiya an gwada ana kallo da eko, miligiram 20 kacal ya sa ta tsuke da kusan kashi 30 cikin 100 a awa biyu, miligiram 40 kuma wajen rabi. Kuma a gwajin nan babu masoro ko ƙwaya, kin ga dalilin da na ce cire shi ba mafita ba ne. Mutanen da aka gwada lafiyarsu lau, maɗaciyarsu ba komai ciki, ta matse ta saki shi ke nan, ita ko Inna akwai abin da za a tura.

Mu yi lissafin nata. Ƙaramin cokali na garin kurkum wajen giram 3 ne, kenan kurkumin miligiram 90 ko kusa da haka, ya danganta da irin garin. Cokali guda ya riga ya ninka wancan 40 ɗin, ga shi safe da dare, ga shi kuma a madara, wadda maiƙonta ma da kanshi yana sa maɗaciya ta matse. Kuma kalmar "ƙanana" da aka faɗa muku a eko kar ta kwantar muku da hankali, hanyar faɗinta bai wuce milimita 6 ba a yawancin mutane, babbar tsakuwa ba ta iya shiga, ƙananan ne ke silalewa su maƙale, wani lokacin har su jawo kumburin fankiriyas, wata gaɓa ce a bayan tumbi mai taimaka ma narkar da abinci.

Ki kwatanta da girki. Rabin ƙaramin cokali a tukunyar dafa-duka ta mutum takwas, kowa bai samu fiye da miligiram 6 ba. Wannan ni ban hana ta ba, in dai ba ta lura yana tada mata ciwo ba. Wanda na fi tsoro shi ne jelul ɗin nan da ake tallatawa a waya ana kawowa daga waje, guda ɗaya sau da yawa miligiram 500 ne, kusan duka kurkumin zalla, an kuma zuba fiferin a ciki. Ma'aunin da ƙwararrun hukumar lafiya ta duniya da ta abinci suka sa shi ne miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, mai kilo 60 kenan 180, jelul guda ya kusa ninka shi uku. A Italiya a 2019 an samu mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan, da yawa masu haɗin fiferin ne.

Tunda ta riga ta fara sha, ki sa mata ido. Ciwon tsakuwa a dama yake zuwa, ƙarƙashin haƙarƙari ko tsakiyar ciki ta sama, yakan harba zuwa kafaɗar dama ta baya, galibi bayan an ci soye ko tsire ko miyar da ta sha man gujiya, da tashin zuciya, ya yi rabin awa zuwa ƴan awoyi ya lafa. Mutanenmu sai su ce olsa ce su sha kanwa. In ya kai awa shida bai saki ba, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka shigo, ko idonta ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya koma kalar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, to kar a jira gari ya waye kuma kar a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti a daren.

In lafiya lau take, ku ɗauki takardar eko ta bara ku koma wurin likitan da ya duba ta, ku faɗa mishi kwana nawa ta yi tana sha, da duk maganin da take sha, musamman in akwai na tsinka jini irin warfarin ko asfirin, don kurkum mai yawa na iya ƙara saurin zubar jini. A wannan zuwan sai a duba gwiwar ma, a ba ta abin da ya dace da ita.