Ƙuna a ƙirji bayan cin abinci: ƙwannafi ne ko zuciya?

Tambaya: Likita, maigidana yana da shekara 54, yana da ciwon suga. Idan ya ci tuwon dare sai ƙirjinsa ya riƙa ƙuna. Kwanan nan ko ya hau gangaren unguwarmu yakan ji. Mai kemis ya ce olsa ce. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwargida, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, ki raka shi asibiti cikin makon nan, maganar hawan nan ce ta tsaya min a rai.

Ƙwannafi yana bin abinci da kwanciya. Ƙunar takan taso daga bakin ciki ta hau maƙogwaro, da ɗan ruwa mai tsami a baki, ta ƙaru idan an kwanta ko an yi ruku'u da cikakken ciki. Ciwon zuciya kuwa aiki yake bi. Mutum ya ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji yana tafiya ko hawan tudu, ya tsaya minti biyar ya lafa, wani lokaci ya sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi. Shi ma yakan taso bayan an ƙoshi, kuma mai ciwon suga sau da yawa ƙuna kawai yake ji.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kalmar nan "olsa ce". Kullum sai na ji ta. An ba mutum farin maganin ruwan nan ya kurɓa, ciwo ya lafa, sai a ce an gano cuta. Ba a gano komai ba! Ciwon zuciya da kansa yake lafawa idan an zauna, kuma a zaune ake shan maganin. Na taɓa karɓar wani direba da ya yi wata uku yana yawo da kwalbar a aljihun mota. Ranar da aka kawo shi, tun asuba yake haɗa gumi yana amai, ba a iso da shi ba sai bayan la'asar, don an tsaya ba shi madara. Ya rayu, amma wani sashe na naman zuciyarsa ya riga ya mutu, kuma ba ya dawowa. Mai kemis ba shi da na'urar awon zuciya, da me ya rarrabe?

A yi wa maigida awon isiji, wato awon bugun zuciya da na'ura. Ki sani yana iya fitowa lafiya lau idan ba a cikin ciwon aka yi ba, don haka ku faɗa wa likita maganar hawan, ƙila a auna shi yana tafiya a kan na'ura. Idan an tabbatar ba zuciya ba ce, sai a ba shi omefirazol, maganin rage tsamin ciki, kafin karin kumallo, ya kuma bar awa uku tsakanin tuwo da kwanciya.

Idan kuwa ciwon ya wuce minti 15 yana zaune, ko ya zo da gumi da sarƙewar numfashi, ko tsakar dare ne ku nufi sashen gaggawa, kuma kada shi ya tuƙa motar.