Hotunan 'yan kwikwiyo biyu: wanne ya fi girma, wanne ya fi lafiyar jiki?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wani mai kiwon karnuka ya turo mini hotunan 'yan kwikwiyo biyu, irin na Jamus da ake kira Jaman Shefad, uwarsu ɗaya, satinsu bakwai, dukansu maza. Na farko an ɗaga shi a hannu, ƙato ne, gashinsa buzu-buzu, cikinsa tulu. Na biyu yana tsaye a kan tayil, siriri, gashinsa a kwance. Zuciyata ta fi kwanta wa na farko saboda girmansa. Ga hotunan na haɗo. Ta yaya zan gane ainihin bambancinsu kafin in zaɓa?

Amsa: Malam, barka kadai. Na dubi hotunan da kyau, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, girman da ya ja hankalinka shi ne abin da waɗannan hotuna biyu suka fi kasa nunawa.

Dubi yadda aka ɗauke su. Na farko mai riƙonsa ya miƙo shi gaba, hancinsa ya kusa taɓa wayar. Na biyu kuwa mai ɗaukar hoton yana tsaye, ya sunkuyo da waya ya ɗauke shi daga sama. Kyamara tana ƙara wa abin da ke kusa da ita girma, kuma lissafin ba shi da wuya: idan kwikwiyo yana nesa da waya da santimita 40, ɗan'uwansa mai girma daidai da nasa yana santimita 80, na kusan zai fito ninki biyu na na nesan. Shaidar tana cikin hoton naka. Ka lura kan kwikwiyon ya kusa kai faɗin ƙirjin mutumin da ke riƙe da shi, alhali kan kwikwiyo ɗan sati bakwai bai kai nan ba ko kusa. Ɗauka daga sama kuma akasin haka take yi, tana gajarta ƙafafu, ta tsuke jiki, ta bar kai shi kaɗai da girma. An yi wa na farko gata, an rage wa na biyu, ko da mai kiwon bai yi niyyar haka ba.

Maganin wannan sikeli ne. Ka roƙe shi ya hau sikeli shi kaɗai ya rubuta, sannan ya hau da kwikwiyo a hannu ya cire awon farko daga awo na biyu. Idan shi kilo 68 ne, da kwikwiyo kuma ya zama 73.5, to kwikwiyon kilo 5.5 ne. Ya auna su biyun rana ɗaya kafin su ci abinci, ya sake bayan mako guda. Awo na biyun ya fi na farko amfani a wurina, domin ƙaramin da ke ƙara nauyi kowane mako ya fi ƙaton da ya tsaya cik. Kada kuma ka ɗauka wanda ya fi nauyi a sati bakwai shi ne zai fi girma idan sun manyanta. Sau da yawa wanda ya fi ƙarfin ture 'yan'uwansa a wurin shan nono ne kawai, sauran kuma su kamo shi bayan yaye. Girman uwa da uba ne ke faɗin inda za su tsaya. Namijin wannan irin, idan ya cika, tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa santimita 60 zuwa 65 ne, nauyinsa kilo 30 zuwa 40. Maganar da ake yi cewa faɗin dagi ke nuna girman gaba, kada ka ɗora zaɓinka a kanta, kusan duk ɗan wannan irin dagin nasa ya fi ƙarfin jikinsa a wannan lokaci.

A kan gashi hotunan sun faɗi wani abu na gaske. Na ƙara girman hoton farko na dubi kunnuwa. Akwai dogayen silin gashi masu laushi a gindin kunnen da bayansa, ga wasu kuma a bayan ƙafafun gaba. Wannan alama ce mai ƙarfi cewa mai dogon gashi ne. Na biyu kunnensa a share yake, gashin jikinsa gajere mai kauri, wato irin da aka fi sani. Kada ka yi mamakin fitowar su biyun daga ciki ɗaya. Dogon gashi gado ne da ke ɓuya, sai kwikwiyo ya ɗauko shi daga uwa da uba duka biyun kafin ya bayyana, shi ya sa iyaye masu gajeren gashi kan haifi mai dogo. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne aiki: mai dogon gashi yana son taza sau da yawa a mako, gashin bayan kunne da na hammata yana cukurkuɗewa, kaska da ƙuma kuma suna samun maɓoya. Sannan wani kaso na girman da ka gani gashi ne. Da za a jiƙa su biyun da ruwa, tazarar da ke tsakaninsu za ta ragu sosai.

Launi kam kada ka riƙe shi. 'Ya'yan wannan irin masu baƙi da ruwan ƙasa ana haifarsu da duhu sosai, ruwan ƙasan yana ta hawa daga ƙafafu zuwa kafaɗa da fuska yayin da suke girma, kuma gashin jarirantakan kansa yana fara zubewa daga wajen wata huɗu zuwa shida. Ga shi an ɗauki ɗaya a ɗaki ƙarƙashin fitila mai ja, ɗayan a hasken rana. Haka ma kunne: na ga na biyu kunnensa ɗaya ya fara miƙewa, na farko duka a kwance. A sati bakwai wannan ba komai ba ne, kunne kan tashi ya sake faɗuwa lokacin sauya haƙora.

Cikin na farko shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Kwikwiyon da ya ƙoshi yanzun nan cikinsa kan yi tulu, bayan sa'o'i kaɗan ya sauka. Amma akwai wani tulun ciki da ba ƙoshi ba ne, na tsutsar ciki, wadda 'yan kwikwiyo kan ɗauko tun suna cikin uwarsu ko ta nono. Bambancin yana sauran jiki. Mai ƙiba ta gaskiya ko'ina a cike yake, wuya, kafaɗa, cinya. Mai tsutsa kuwa cikin ne kaɗai babba, cinyoyi sirara, ƙashin baya da na ƙugu suna neman fitowa, gashi ya bushe babu sheƙi, dasashi ya yi fari-fari maimakon ja mai haske. Matsalar ita ce dogon gashi yana rufe duk waɗannan, riƙon da aka yi masa ta hammata kuma yana sa ciki ya zubo ƙasa ya ƙara fitowa. Ban ce yana da tsutsa ba. Na ce hoton nan ba zai wanke shi ba. Ka tambayi mai kiwon ranakun da ya ba su maganin tsutsa. Yadda aka saba shi ne a fara tun suna sati biyu, a riƙa maimaitawa duk bayan sati biyu. Idan ya yi ta kame-kame, ka san inda tulun ya fito. Abu ne da ke warkewa, amma bai kamata ka zaɓi kare saboda alamar da ta yiwu ta ciwo ce ba.

Tun da cikin nasa a buɗe yake a hoton, na dubi cibiya ma, ban ga ƙullutu ba. Wani kwikwiyon akan ga ɗan kumburi mai laushi a nan, inda bangon ciki bai rufe ba, kuma idan kumburin babba ne sai an yi masa aiki.

Ƙirar jiki fa? Ta na farko ba zan iya cewa komai ba, domin kare da ke reto a hannu ba shi da tsayuwa. Na biyu na ga ƙafafunsa na gaba a miƙe, yatsun a dunƙule kamar na kyanwa, kuma wannan abin so ne. Ƙafafun baya sun ɗan buɗe, sai dai tayil yana da santsi, kowane kwikwiyo yakan tale a kansa don kada ya zame. Don haka ka nemi sababbin hotuna, kuma ka faɗi yadda kake son su. A tsayar da su biyun wuri ɗaya, gefe da gefe, a kan ƙasa marar santsi, a hasken rana cikin inuwa. Mai ɗauka ya durƙusa har wayar ta zo daidai kafaɗar kwikwiyo, ya ja baya kamar mita biyu, a ajiye tef ɗin awo ko rula a tsaye kusa da su. Ɗaya daga gefe, ɗaya daga gaba, ɗaya daga baya.

A hoton gefe za ka ga ko bayan ya tafi sumul ba tare da lotsawa ko tudu ba, ka ga kuma tsawon jiki, wanda a wannan irin ya kamata ya ɗan fi tsayinsa. Ka dubi wuyan ƙafar gaba, ɗan sama da dagi. Ɗan karkata kaɗan daidai ne, amma idan ya kwanta har ya kusa taɓa ƙasa, ko ya turo gaba kamar ƙafar za ta lanƙwashe, akwai abin dubawa a abinci ko a wurin da ake tsare su. A hoton baya, ƙafafun su sauka a jere. Idan gaɓoɓin da ke sama da dagi suna haɗuwa ciki, dagin kuma yana kallon waje, ka lura da shi. A hoton gaba ka ƙara girman fuska ka nemi kwantsa, majina, ko wurin da gashi ya zube a kewayen ido da baki, wanda kan zama farkon ƙazuwa. Bidiyo na rabin minti suna tafiya suna wasa zai nuna maka ɗingishi da kasala, abin da hoto goma ba zai nuna ba. Lafiyar ƙugu kuwa, wadda ita ce babbar damuwar wannan irin, ba a ganin ta a hoton ɗan sati bakwai ko kaɗan. Sai ka tambaya ko an taɓa yi wa iyayen hoton ƙashi.

Kana da lokaci, domin bai kamata a raba su da uwarsu kafin sati takwas ba. Idan aka tilasta mini in zaɓa da waɗannan hotuna biyu kaɗai, na biyu zan nuna, saboda shi ne na ga tsayuwarsa da jikinsa babu abin da ya rufe. Amma idan awo ya nuna na farko yana ƙara nauyi, takardar maganin tsutsa da ta rigakafi sun cika, ka je kuma ka shafa haƙarƙarinsa ka ji nama a kai, to abin da ya rage tsakaninsu shi ne ko za ka iya da tazar dogon gashi har tsawon rayuwarsa.