Tumatur ɗina na laushi da rana, ƙasan 'ya'yan na yin baƙi: awa nawa zan riƙa ba shi ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da fili mita 20 a 25 a bayan gari wajen Kumbotso, ƙasar jigawa ce. Na dasa tumatur a Disamba da ban-ruwan ɗigo, layi da layi mita ɗaya, ramukan tiyo santimita 30 tsakani. Wanda ya haɗa min ya ce awa ɗaya kullum da safe ya isa. Yanzu Fabrairu, ya fara 'ya'ya, amma ganye na laushi da rana, ƙasan 'ya'yan na baƙi, wasu na tsagewa. Ranar Asabar nakan sakar masa ruwa awa shida don ya farfaɗo. Na yi feshi sau biyu ba canji. Hankalina ya tashi, kuɗin bashi na zuba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, wannan gonar ba ta lalace ba. 'Ya'yan da suka riga suka yi baƙi ba za su gyaru ba, ka tsinke su ka zubar, amma furen da ke fitowa yanzu zai ba ka tumatur mai kyau idan ka gyara ruwan a wannan makon. Ka ajiye injin feshi tukuna.

Awa ɗaya da aka ce maka ta yi daidai da Disamba, lokacin da dashen yake ƙarami kuma hunturu ya rage zafin rana. Abin da ke ba ni haushi da wasu masu haɗa kayan nan shi ne su karɓi kuɗinsu, su faɗi awa guda su tafi, kamar shuka ba ta girma. Bari mu yi lissafin da naka filin.

Da farko ka san ainihin ruwan da kowane rami ke fitarwa. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a jikin tiyo, domin an auna shi ne da ƙarfin turi wanda tanki a kan ɗan dandamali ba ya kaiwa. Ka sa kofi ƙarƙashin rami ɗaya a farkon layi, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, ka bar ruwa ya zuba minti 15. A ce ka samu mililita 250 a kowanne, wato rabin ledar ruwan sha. Ke nan kowane rami na ba da lita ɗaya a awa. Kana da layi 20 masu tsawon mita 25, kowanne da ramuka kusan 83, jimla kusan 1,670. A awa ɗaya kana zuba lita 1,670 a kan murabba'in mita 500. Lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya ita ce milimita ɗaya, don haka kayanka na ba da milimita 3.3 a awa. Idan kofinka ya nuna wani adadi daban, sai ka bi naka, hanyar lissafin ɗaya ce.

Sai buƙatar shukar. Ruwan da rana da iska ke ɗauka a Kano cikin hunturu mukan ƙiyasta shi wajen milimita 5 a yini, a Fabrairu ya doshi 6, idan Maris ta shiga da zafinta ya kai 7 ko ya wuce. Ana ninka wannan da ma'aunin girman shuka wanda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta bayar wa tumatur: 0.6 a farkon dashe, 1.15 lokacin fure da 'ya'ya, sannan ya sauko wajen 0.8 idan nuna ta yi nisa. A Disamba, 5 sau 0.6 ya ba da milimita 3. Ka raba da 0.9 saboda ɗan asarar da ko ban-ruwan ɗigo ba ya rasawa, ka samu 3.3. Ga awa ɗayarka nan. Yanzu kuwa 6 sau 1.15 ya ba da 6.9, a raba da 0.9 ya zama milimita 7.7. Wannan awa biyu da minti 20 ne a kayanka, lita 3,850 kowace rana. Tumatur ɗinka yana samun ƙasa da rabin abin da yake buƙata kwana shida a mako, a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa. Kuma idan tankinka na lita 2,000 ne, sai an cika shi sau biyu a yini.

Yanzu ga maganar da nake so ka saurara da kyau, ita ce ta awa shidan nan ta Asabar. Kusan kullum sai na haɗu da manomin da ya yi imani cewa laushin ganye da tsakar rana alamar ƙishirwa ce kawai, maganinta kuma a cika ƙasa da ruwa har ta yi caɓi. Al'adar ta fito ne daga noman kwarya-kwarya irin na Kadawa da Kura, inda ake sako ruwa daga kwata ya kwanta a fage, a tafi sai bayan kwanaki. A can duk fagen ne ke jiƙa, saiwa ta bazu ko'ina tana tsotsa. A ban-ruwan ɗigo saiwar takan taru ne a ɗan wurin da ke jiƙe ƙarƙashin rami, ma'ajiyarta ƙarama ce.

Mu auna wannan ma'ajiyar. Jigawa mai ɗan laka takan riƙe wa shuka kamar milimita 100 a zurfin mita ɗaya. Mafi yawan saiwarka na cikin santimita 40 na sama, ke nan milimita 40. Ɗigo na jiƙa kusan rabin filin ne, saura 20. Tumatur kuma yakan fara wahala da zarar ya shanye kashi 40 cikin ɗari na wannan, wato milimita 8. Ka ga ajiyar yini ɗaya ce tak. Awa shida a kayanka milimita 20 ce. Ko da a ce kwana shida na ƙaranci sun ƙafar da wurin ƙaf, duk abin da ya wuce cikarsa gangarawa ƙasa yake, ya tafi da takin yuriyar da ka saya da tsada zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Zuwa Litinin ko Talata shukar ta koma gidan jiya. Babu yadda za a yi a biya wa tumatur bashin ruwan mako a rana ɗaya.

Wannan hawa da saukar shi ne ya haifar da abubuwa biyun da ka gani. Baƙin ƙasan ɗan tumatur ba ƙwayar cuta ba ce. Sinadarin kalsiyam yana tafiya ne a cikin ruwan da saiwa ke ja, kuma ganye ya fi 'ya'ya ƙarfin jan ruwan. Idan ruwa ya yanke a kwanakin da ɗan ke saurin girma, ƙarshensa na ƙasa ba ya samun rabo, naman wurin ya mutu, daga baya ya bayyana baƙi a lotse. Tsagewar kuma daga Asabar take: fatar ta ƙanƙame da fari, sai ruwa ya shigo da yawa lokaci guda, cikin ya kumbura fiye da yadda fata za ta iya buɗewa. To ina amfanin maganin feshi a nan? Amma manomi zai ɗauki tumatur ɗaya a leda ya kai shago, mai shago bai tambaye shi ko yaya yake ba da ruwa ba, ya miƙo masa kwalba. Ba ta yi ba, ya dawo, a haɗa masa da wata. Wani ma a ce masa sammu ne ko baki. Wannan cin amana ne, kuma gubar da aka fesa a banza tana kan abin da za a kai 'Yankaba mutane su saya su yi miya. Mai sayar da magani da bai san bambancin ƙarancin ruwa da cutar shuka ba ya ji tsoron Allah ya ce bai sani ba. Har kalsiyam ɗin fesawa da ake tallatawa, amfaninsa kaɗan ne muddin ruwan bai daidaita ba, domin abin da ya sauka a ganye ba ya komawa cikin 'ya'ya.

Abin da ya fi haɗari, shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma laushi take yi, saboda saiwa ta rasa iska ta daina sha. Mai wancan imanin sai ya ga laushi ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta da hannunsa. Saboda haka kada ka yanke hukunci da ganyen ƙarfe biyu na rana. Ko tumatur da ya ƙoshi yakan ɗan sunkuyar da kai a zafin Maris. Ka je da sassafe bayan asuba. Idan ganye ya miƙe, laushin jiya na zafi ne ko na ɗan ƙarancin ruwa. Idan har da safe a laushe yake alhali ƙasa na da danshi, matsalar a saiwa take. Ka tumɓuke ɗaya. Ƙulle-ƙulle a jikin saiwa alamar tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani. Idan babu, ka yanke karan daga gindi ka rataya shi a kofin gilashi mai ruwa fari, ka jira mintuna kaɗan. Idan ka ga wani farin zare kamar madara na gangarowa, cutar laushi ce ta bakteriya, ƙarin ruwa yaɗa ta zai yi, sai a cire waɗanda suka kamu a fitar da su daga gonar.

Ga abin da za ka yi daga gobe. Ka raba awa biyu da minti 20 ɗin gida biyu tunda jigawa ce: awa ɗaya da minti 20 da sassafe, awa ɗaya wajen azahar. Kullum, har da ranakun da ba ka nan, don haka ka nuna wa yaron gonar da agogo. Lissafin mafari ne kawai, ƙasa ce za ta gaya maka ko ya yi. Sau biyu a mako, kafin ka buɗe ruwan safe, ka haƙa tazarar taƙi ɗaya daga rami, ka ɗebo ƙasa daga zurfin santimita 20 ka dunƙule. Idan ta dunƙulu ta bar sanyin danshi a tafinka ba tare da ruwa ya fito ba, kana daidai. Idan ta wargaje, ƙara minti 15. Idan tana naso ko ta yi caɓi a santimita 40 zuwa 50, rage minti 15. Busasshiyar ƙasar da ke tsakanin layuka kada ta dame ka, haka ya kamata ta kasance. Idan kana da halin sayen na'urar tansiyomita mai auna danshin ƙasa, ka binne ta a santimita 20, a irin ƙasarka ka buɗe ruwa idan ma'auninta ya nuna wajen 20.

Ka duba kofunan nan uku ma da kyau. Idan na ƙarshen layi ya gaza na farko da fiye da kashi ɗaya cikin goma, wasu shukokin na ƙishirwa ko da lissafinka daidai ne. Yawanci matatar ruwa ce ta toshe da yashin rijiyar burtsatse. Ka wanke ta, ka buɗe ƙarshen layuka ruwa ya kore dattin, kuma ka duba ko tiyo ya lanƙwashe. Ka sassauta yuriya a wannan lokacin, yawanta na ƙara ganye ya ƙwace wa 'ya'ya kalsiyam. Ciyawa busasshiya ko ƙaiƙayin shinkafa a gindin shuka zai taimaka wajen riƙe danshin.

Idan akasarin 'ya'yan sun fara ja a Maris, 7 sau 0.8 a raba da 0.9 zai ba ka milimita 6.2, wato ƙasa kaɗan da awa biyu. Ka sauko a hankali cikin kwanaki, kada ka yanke lokaci guda. Bayan mako biyu zuwa uku ka duba sababbin 'ya'yan da suka ƙullu bayan gyaran, su ne za su nuna maka ko ruwan ya daidaita. Allah ya ba da yabanya mai albarka, ya sa a biya bashin cikin sauƙi.