Fastar wanke hannu da hotunan AI: me zan rubuta wa likita?

Tambaya: Salam yaya, ina sana'ar zane, kuma akwai wani likita mai asibitin kuɗi a unguwarmu da nake son in yi wa fastocin wanke hannu da hotunan AI. Ya zan tsara saƙon? In faɗa masa AI ne ko in yi shiru?

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanina. Faɗa masa tun a saƙon farko, don wallahi in ka ɓoye yatsu ne za su tona maka asiri. Manhajojin nan sun iya fuska da famfo da kumfar sabulu, amma hannu biyu sarƙe da juna na yawan ba su wahala, sai ka ga yatsa shida ko babban yatsa ya fito ta inda bai dace ba, kuma likita da kallon jikin mutum yake cin abinci, kallo ɗaya zai gano.

Ni abin da nake yi shi ne in raba aikin biyu. Hoton uwa da ɗanta a bakin famfo, ko yaro riƙe da buta, wannan AI ya yi. Amma matakan wankin kansu, tafi da tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa, bakin farce, ka roƙi nas ɗaya ta asibitin ka ɗauki hannunta da waya. Rubutu ma kai za ka sa da kanka, in ka bar wa AI zai cinye maka ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ.

Saƙon kar ya yi tsawo, a WhatsApp zai karanta tsakanin mara lafiya da mara lafiya. Kamar haka:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe likita. Ni mai zane ne a nan unguwar. Na lura babu fastar wanke hannu a bakin famfonku, shi ne nake son in yi muku guda uku, girman A3, da Hausa: ta bakin famfo mai matakan wanki da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60 yadda WHO ta tsara, ta ƙofar banɗaki, da ta ma'aikata mai lokutan nan 5 na tsaftar hannu. Hotunan mutane da AI zan haɗa, ba fuskar wani majinyaci a ciki, na hannaye kuwa hoton gaske ne. Ba zan kai ɗab'i ba sai kun duba. Naira kaza ne da gyara sau biyu, rabi kafin alƙalami. Ga samfur ɗaya."

Samfurin nan kar ka tura sai ka buga shi a takarda ka gani da idonka. Hoton AI sau da yawa pixel 1024 ne faɗinsa, alhali A3 mai kyau na son wajen 3508 da 4961, a waya tas yake amma a bango sai ya yi dishi-dishi. Sannan ka sa kuɗin lamineshan cikin lissafi, takardar da ke saman famfo ba ta daɗewa in ba leda, ruwa na fallatsar ta kullum.