Na samu 0.69, amma gwajin layuka ya ƙi: yaya zan yi?

Tambaya: Malam, ina aikin digiri na biyu a Katsina. Na tambayi manoma 200 a Daura ko taki na isa gare su kan lokaci, amsa daga 1, sam ban yarda ba, zuwa 5, na yarda ƙwarai. A SPSS na bi Analyze > Regression > Ordinal. 'Yan ƙungiyar manoma sun samu Estimate 0.69, amma Test of Parallel Lines ya ba da Sig. 0.01. Me zan rubuta?

Amsa: Malama, kada ki rubuta 0.69 yadda yake. Teburin da ya ba ki Estimate ɗin ba ya juya miki shi zuwa rinjaye, da kanki za ki lissafa exp(0.69), ya ba ki kusan 2. Wato rinjayen zaɓar amsa ta sama ya ninka biyu a wajen 'yan ƙungiya. Rinjaye kuwa ba kaso ba ne. A ce cikin waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, 40 cikin 100 sun zaɓi 4 ko 5. Rinjayensu 40 a raba da 60, wato 0.67. Ninkinsa 1.33, wanda ya yi daidai da 57 cikin 100, ba 80 ba. Nan ɗalibai suka fi zamewa a gaban masu duba aiki.

Ki kuma tabbatar da wa aka gwada wa. Abin da kika saka a Factor(s), SPSS na ɗaukar rukuni mai lamba mafi girma a matsayin ma'auni, shi ne za ki ga sifili a gabansa.

Sai gwajin. Amsa biyar na da yanka huɗu: tsakanin 1 da 2, 2 da 3, har zuwa 4 da 5. Tsarin Ordinal ya ɗauka cewa ninki biyun nan ɗaya ne a kowane yanka. Sig. ɗin da ya gaza 0.05 na cewa ba haka ba ne. Amma gwajin nan akwai shi da saurin tsargi, musamman in wasu gurabe sun yi ƙarancin mutane, don haka kada ki yar da aikin tukuna.

Fara da Crosstabs. In 'yan ƙungiya biyu ko uku kacal suka zaɓi 1, haɗa 1 da 2 ki sake gudanarwa. In bai gyaru ba, ki raba amsar gida biyu a kowane yanka, ki yi Binary Logistic ɗaya bayan ɗaya, ki jera B ɗin, wato Estimate na kowane yanka. In suna kusa da juna, kamar 0.6, 0.7 da 0.8, ni zan bar tsarin, in bayyana hakan a rahoto. In kuwa wani ya koma ƙasa da sifili, to shiga ƙungiya na tura wasu sama, wasu ƙasa, lamba ɗaya ba za ta ɗauke shi ba. Sai ki koma gologit2 a Stata, wanda ke barin tasirin ƙungiya ya bambanta daga yanka zuwa yanka.